Wannan ba Unlimited ba ne, tauye mudu ne

Maganarmu ta wannan makon a kan kalma ɗaya ce da kamfanonin waya ke rubutawa da manyan baƙaƙe a tallarsu: Unlimited. Ma'anarta abin da ba shi da iyaka. A can ƙasan tallar kuma, da rubutun da sai ka matso da waya kusa da hanci za ka iya karantawa, akwai wasu haruffa uku: FUP, wato Fair Usage Policy, ƙa'idar da suka ce ta amfani da data bisa adalci ce. Abin da take nufi a aikace shi ne, idan ka sha wani adadi na data, za a shaƙe gudun intanet ɗinka har wata ya ƙare. Ni dai ina ganin duk tsarin da ke da wannan sharaɗi yana da iyaka, kuma sayar da shi da sunan marar iyaka tauye mudu ne. Ga dalilina, da lissafi.

Mu ɗauki misali, ba na wani kamfani takamaimai ba, amma duk mai rauta a gida zai gane siffarsa. Magidanci ya biya ₦30,000 na kwana 30. Sharaɗin ya ce bayan 100GB gudu zai koma 512kbps. Mutum biyar da talabijin ɗaya, shida ke nan, ke jone da rautar: maigida, uwargida, yara biyu 'yan jami'a, ƙanin maigida mai sayar da takalma a WhatsApp, da talabijin ɗin falo da ake kallon YouTube a kanta. Bidiyo mai kyan gani na 720p yana shan kusan 1GB a awa ɗaya. Ke nan idan kowa ya kalli awa ɗaya kacal a yini, gidan ya sha 6GB. Raba 100 gida 6, za ka ga a rana ta 17 an cinye ma'aunin. Saura kwana 13, wato kuɗin da ya kai ₦13,000, kuma a cikinsu ne za a gane abin da aka saya.

Mene ne 512kbps? A nan mutane da yawa ke ruɗewa, domin gudun intanet da bit ake auna shi, girman fayil kuwa da bait, kuma bit takwas ne ke yin bait ɗaya. Don haka duk lambar gudu da ka gani, raba ta gida 8. Idan ka raba 512 za ka samu 64KB a daƙiƙa, kimanin 230MB ke nan a awa. Fayil mai 1GB, wanda a gudun 20Mbps bai kai minti bakwai ba ya sauka, yanzu sai ya ci awa huɗu da minti ashirin. An rage maka gudu kusan ninki arba'in. YouTube da kansa yana ba da shawarar a samu 0.7Mbps kafin a kalli bidiyon 360p, wanda dama dishi-dishi yake, ga shi abin da aka bar wa gidan bai kai nan ba. Kuma wannan ɗan tsirit ɗin su shida za su raba, kowa bai fi 85kbps ba. Saƙon rubutu zai wuce, saƙon murya zai wuce da ƙyar. Ɗalibar da ke da lacca ta Zoom sai dai ta ga fuskar malami ta daskare. Mai takalma zai ɗora hoto ya tafi sallah ya dawo yana nan yana juyi.

Ga lissafin da ya fi ba ni haushi. Ko da gidan nan sun bar rauta tana sauke kaya dare da rana babu tsayawa, abin da 512kbps zai iya kawowa a yini bai wuce 5.5GB ba. A kwana 13, kimanin 72GB. A gudun farko na 20Mbps, awa takwas ta isa a sauke wannan adadin. Kwana goma sha uku da aka karɓi kuɗinsu cur, ƙimarsu awa takwas ce. Idan kuwa tsarinka na waɗanda ake mayarwa 128kbps ne, 1GB ɗaya sai ya ci sama da awa 17. To ina rashin iyakar yake? Iyaka tana nan daram, an dai canja mata suna ne kawai. A da idan data ta ƙare a kan rufe famfon, yanzu sai a bar shi yana ɗiga don a samu bakin cewa ba a ɗauke ruwa ba.

Za a ce min, ai kamfanoni suna da hujja. Na sani, kuma ba zan raina ta ba. Kowane ƙarfen sabis yana da iyakar abin da zai iya ɗauka a lokaci guda, duk wayoyin da ke unguwar kuma shi suke rabawa. Idan mutum ɗaya ya sayi layi ya buɗe shagon sauke finafinai, ko ya raba wa layinsu gaba ɗaya yana karɓar kuɗi, maƙwabta ne za su ji a jikinsu. Ga tsadar man dizal, ga kayan aiki da ake sayowa da dala, ga masu aikin titi da ke tsinka wayoyin ƙarƙashin ƙasa. Duk gaskiya ne. Ba wanda ya ce a ba shi teku a kuɗin randa.

Amma a duba da kyau, maganin da suka kawo bai dace da cutar da suka ambata ba. Cunkoso yana da wuri, yana da lokaci. Ƙarfen da ke bakin kasuwa yana cika da rana, na unguwa yana cika bayan isha'i lokacin da kowa ya kwanta da waya a hannu. Da ƙarfe uku na dare kuwa hanya fayau take. Shi kuma FUP bai san wuri ba, bai san lokaci ba. Na'urar kamfani ce ke ƙirga abin da layinka ya sha, da ya kai adadin sai ta ɗaura masa takunkumi, kuma takunkumin na bin layin duk inda ya je. Ko ka tafi ƙauyen da kai kaɗai ne a kan ƙarfen, ko ka tashi tsakar dare, 512 ɗin nan dai ita ce. Wa kake takura wa a wannan lokacin? Wane maƙwabci ake karewa? Gudun da aka hana ka ba a ajiye shi a rumbu don gobe, a banza yake wucewa.

Da cunkoso ne damuwar, akwai hanyar da ta fi wannan adalci, kuma kamfanoni a wasu ƙasashe suna amfani da ita. Wanda ya wuce ma'auni ba a shaƙe shi, sai dai a mayar da shi bayan layi a lokacin da ƙarfen ya cika. Da an samu sarari, gudunsa ya dawo. Amma abin da muke gani shi ne, da an shaƙe ka sai a nuna maka hanyar ƙarin kuɗi: sayi ƙari, ko ka sabunta tun wata bai ƙare ba. Kana biya, cikin 'yan mintuna gudu ya dawo, a kan ƙarfen nan dai, a cikin unguwar nan dai. Ashe hanyar ba ta cika ba. Cunkoson da kuɗi ke warwarewa nan take, shinge ne na karɓar haraji.

Wannan rigima ba a kanmu aka fara ta ba. A 2014 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta maka kamfanin AT&T a kotu saboda ya sayar wa mutane tsarin Unlimited sannan yana rage musu gudu ba tare da ya yi musu gamsasshen bayani ba. A 2019 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 60. A lura da inda laifin yake: ɓoye sharaɗin. A nan gida, a watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗi har zuwa kashi 50 cikin 100. Mun biya. Wanda ya biya ƙari kuwa yana da haƙƙin a faɗa masa abin da ya saya tun kafin ya miƙa kuɗi, ba a yi masa cinikin biri a sama ba.

Yaya za ka gane shaƙe ka aka yi, ba sabis ne ya lalace ba? Buɗe fast.com ko manhajar Speedtest ka gwada sau uku: da asuba, da rana, da bayan isha'i. Cunkoso hawa da sauka yake yi, yanzu 3Mbps, anjima 15. Takunkumi kuwa lamba ɗaya yake maimaitawa, kusan 0.5 da asuba, kusan 0.5 da dare, kamar an ja layi da rula. Idan kana son ƙarin tabbaci, nemi wani mai layin kamfani ɗaya da kai wanda bai cinye ma'auninsa ba, ku tsaya wuri guda ku gwada. Idan nasa na gudu naka na rarrafe, ba ƙarfen ba ne, layinka ne. Sandunan sabis da ke saman waya ba shaida ba ne, domin ƙarfin sigina suke nunawa, ba gudun da aka yarje maka ba. Sannan ka danna *323# ko ka shiga manhajar kamfanin ka ga nawa suka ce ka sha, ka kwatanta da abin da rautarka ta ƙirga.

Idan sharaɗin a rubuce yake kuma an bi shi, ka ɗauki darasi, ka riƙa auna tsarin da adadin GB ɗinsa, ba da sunansa ba. Idan kuwa an shaƙe ka tun ba ka kai adadin ba, ko babu inda aka rubuta gudun da za a mayar da kai, ko ka sabunta amma ba a sake ka ba, to kana da ƙorafi. Ɗauki hoton tallar, da na sharaɗin, da na gwaje-gwajen gudun tare da lokutansu. Kira 300 ka kai kuka ga kamfanin, kada ka ajiye waya sai an ba ka lambar ƙorafi. Idan suka yi biris, kira NCC a 622, kyauta ne, kuma wannan lambar ƙorafin za su nema.

Buƙatarmu ba ta da yawa. Duk tallar da ta ce Unlimited, a rubuta lambobi biyu kusa da farashi, da baƙaƙe masu girma ɗaya da shi: GB nawa kafin a rage gudu, da kuma gudu nawa bayan an rage. A turo gargaɗi kafin mutum ya kai ma'auni, ba ihu bayan hari ba. Kamfanin da ba zai iya wannan ba, ya cire kalmar, ya kira kayansa 100GB, mu saya da idonmu a buɗe. Mai awo a kasuwa yana da damar ya sa wa hatsinsa kuɗin da ya ga dama, amma ba shi da damar ya buga gindin mudu ya ce cikakke ne.

Duk wanda ke kan irin wannan tsari, ya gwada nasa a daren yau ya rubuto mana abu uku a ƙasa: kuɗin da ya biya, ranar da aka shaƙe shi, da lambar da gwajin ya nuna. Idan muka tara su, mun samu abin da za mu kai gaban hukuma. Allah Ya sa mu dace.