Abota ba ta raba riba: a rubuta yarjejeniya kafin a sayi buhun farko

Da kaka ta yi, matasan Tasawa da Mayahi da ke ci-rani a Aljeriya ko Libiya sukan turo kuɗi gida, aboki ya sayi wake ya ajiye sai ya yi tsada a sayar. Yawanci saƙon murya a waya ne kawai shaida. A ganina, duk wanda ya haɗa jari haka ya sa kuɗinsa da abotarsa cikin haɗari.

Mu ɗauki misali. Na waje ya turo jika 600 na sefa, na gida ya sa jika 200, kuma shi ke yawon kasuwannin ƙauye, shi ke tsaron magaza. An sayar, an cire kuɗin mota da haya, riba ta tashi jika 160. In jari aka bi, na waje yana da jika 120, na gida 40. In rabi da rabi ne, kowa 80. In kuwa an fara ware wa na gida kashi ɗaya cikin huɗu ladan wahalarsa, sannan aka raba saura bisa jari, zai tashi da 70, abokinsa 90. Kowane lissafi yana da hujja, kuma kowa zai riƙe wanda ya fi masa. Don haka abu na farko da takarda za ta faɗa shi ne nawa kowa ya sa, da yadda za a kimanta wahala.

Na biyu hasara. In ƙwari suka ci waken, ko farashi ya faɗi, wa zai ɗauka? Dokar OHADA, wadda Nijar ke aiki da ita a harkar kasuwanci, ba ta amince da sharaɗin da zai ba mutum ɗaya dukan riba ko ya kuɓutar da shi daga dukan hasara ba. Maganar "uwar kuɗina dai ta dawo ko me ya faru" ba ta da wurin zama a haɗin jari.

Na uku bashi. In alƙali ya tabbatar mutum biyu suna kasuwanci tare ba tare da sun kafa kamfani ba, mai bin bashin kasuwancin yana iya neman kuɗinsa duka a hannun kowane ɗayansu. Wato na Tamanrasset zai iya biyan bashin da bai san an ci ba. A rubuta iyakar bashin da mutum ɗaya zai ci ba da yardar ɗan uwansa ba.

A ƙarshe a faɗi ranar lissafi, da yadda mai son fita zai karɓi rabonsa, da abin da magada za su samu in rai ya yi halinsa.

Wasu za su ce neman takarda rashin yarda ne. Amma shafi ɗaya da sa hannun shaidu biyu, kowa da nasa kwafi, ya fi sauƙi a kan zaman sulhu gaban mai unguwa bayan an daina gaisawa.