Fomatin ba maganin kowace cuta ba ne

"Bayros ne, a yi mata fomatin kawai." Abin da wani mai gyara ya gaya wa ɗan yayata ke nan a makon jiya, kan kwamfutar da shi da kansa ya riga ya goge ya sake zuba mata Windows sau biyu, kuma ya karɓi kuɗi kowane karo. Wannan magana ta zama karatun kowane shagon gyara a Kano, kuma ni ta ishe ni.

Ku dubi ciwon da kyau. GTA V ya rufe kansa ana tsakiyar tuƙi, eFootball ya daskare kafin hutun rabin lokaci, wani wasan kuma ya jawo shuɗin allo da rubutun MEMORY_MANAGEMENT. Kamfanoni daban-daban ne suka rubuta waɗannan wasanni. Da kuskuren wasa ɗaya ne, shi kaɗai zai riƙa faɗuwa, galibi a wuri ɗaya. Idan duk suna faɗuwa ba lokaci ba ƙa'ida, to a nemi abin da suka haɗa, kamar ram da faifan ajiya.

Masu gyara za su ce ai kwamfutar tana buɗe Word lafiya. To sai me? Rubutu ba ya cin ram sosai. Wasa mai nauyi kuwa yakan cika giga goma ko fiye, sai ya taka gurbin da ya lalace. Windows ba ta ajiye abu a gurbi ɗaya kullum, shi ya sa yau a faɗi bayan minti biyar, gobe bayan awa biyu.

Ga abin da muka yi wa kwamfutar yaron, mai sandan ram biyu na DDR4, kowanne giga 8. Mun sa MemTest86 a filash, muka tayar da ita daga can, muka bar gwajin ya yi zagaye huɗu, aikin da ke cin awoyi. Kurakurai suka fito. Kuskure ko ɗaya ne a nan ya isa hujja. Amma ba mu yanke hukunci ba tukuna, domin saitin XMP a BIOS yana tura ram gudun 3200, kuma wani lokacin wannan turawar ce matsalar. Muka kashe shi, kuskuren bai tafi ba. Sai muka cire sanda ɗaya, muka gwada kowanne shi kaɗai. Na farko ya wuce tsaf. Na biyu ya ba da kuskure, muka mayar da shi ramin da na farko ya wuce, ya sake bayarwa. Laifin sandan ne, ba na rami ba. Aka canza shi, magana ta ƙare.

Da ram ɗin ya fita lafiya, da faifan ajiya za mu koma. Alamarsa ta ɗan bambanta: wasa ya tsaya cak yayin lodi, sauti ya ci gaba, Task Manager ya nuna faifai a 100% alhali kusan ba abin da yake karantawa. A buɗe CrystalDiskInfo. Idan ya rubuta Caution, ko layin 05 da C5 suna da lamba sama da sifili tana ƙaruwa, sassan faifan suna mutuwa. A Event Viewer kuma, saƙo mai lamba 7 ko 153 daga disk shaida ce. Ko CrystalDiskInfo ya rubuta Good, ba ya wanke faifan gaba ɗaya. Aikin farko a nan kwashe hotuna da takardu zuwa wani wuri, kafin kowane irin gyara.

A nan ne fomatin ke zama ɓarna. Faifan da ke gargara aka ɗora masa rubutun giga masu yawa, yana iya ƙarasawa da kayan mutum a ciki. Ram mai ciwo kuwa yana iya gurɓata sabuwar Windows tun ana zuba ta. Kamar ɗura ruwa ne a fasasshiyar randa.

Masu gyara sun ce gwaji yana cin lokaci, ga matsalar wuta. Su da ke kunna janareta yini guda don zuba wa yara wasanni? Gaskiyar ita ce fomatin yana kawo kuɗi nan take, mai kaya kuma zai dawo. Waɗannan shaguna dai su ne na daɗe ina faɗa da su kan cusa tsohon ram na gwanjo a kwamfuta su ce sabo ne fil, babu gwaji, babu garanti ko na kwana bakwai.

Duk mai gyaran da ya ambaci fomatin, ka ce ya nuna maka sakamakon MemTest86 da na CrystalDiskInfo tukuna. Idan ya fara kame-kame, ɗauki kwamfutarka ka fita.