Albasar Galmi a kan allon lakwal

Akwai abin da ya daɗe yana ba ni mamaki: yaron da ke tsare shagon ubansa a kasuwar Maradi, yana mayar da canji ba kuskuren dala guda, shi ne kuma idan malamin lakwal ya rubuta masa matsalar lissafi cikin jimloli uku sai ya tsaya cik. Lissafin ya iya. Abin da ya rasa shi ne sanin abin da zai fara yi da labarin.

Ba a nan kaɗai ba ne. A birnin Grenoble na ƙasar Faransa, wajen shekarar 1980, an tambayi yara ƙanana cewa jirgin ruwa na ɗauke da tumaki 26 da awaki 10, shekarun mai jirgin nawa? Yawancinsu sun tara, suka ce 36. Yaro ya saba duk inda ya ga lambobi biyu sai ya haɗa su. Wani masanin lissafi, George Polya, ya tsara matakai huɗu tun a 1945: a fahimta, a shirya, a aikata, a duba. Ana iya koyar da su cikin awa guda, muddin malam ya haƙura da matsala ɗaya tak.

Ga wadda na ga an yi aiki da ita a wani aji na shida. Ɗan kasuwa ya sayi buhu 12 na albasa a Galmi, kowane jikka 15. Ya biya kuɗin mota jikka ɗaya da rabi a kan kowane buhu. Tafiya zuwa Yamai ta ɗauki kwana 2. Ya sayar da buhu 10 a kan jikka 21 kowane, sauran 2 da suka fara ruɓa ya sake su a jikka 9 kowane. Nawa ya ci riba?

Malamin ya fara da hana taɓa alli. An karanta sau biyu da faransanci, aka rufe allo, yara uku suka maimaita labarin da hausa ba tare da faɗin ko lamba ɗaya ba. Wannan ya ci minti goma sha biyar, kuma a ganina nan ne darasin yake, domin wanda ya ce "ya saya, ya biya mota, ya sayar kashi biyu" ya riga ya ga hanya. Daga nan aka ja layi ƙarƙashin tambayar, aka rubuta kowace lamba da sunanta. Kwana 2 aka soke shi, tun da ba ya shiga riba.

Shirin daga ƙarshe ake faro shi. Riba tana buƙatar kuɗin da aka samu da kuɗin da aka kashe, kuma ba a ba da ko ɗaya ba, sai an nemo su. Buhu guda ya tsaya a 15 000 + 1 500 = 16 500, buhu 12 kuwa 198 000. Ciniki ya kama 210 000 + 18 000 = 228 000. Riba 30 000, wato jikka 30, kuma sai an rubuta ta cikin cikakkiyar jimla.

Kuskuren da ya fi yawa a ajin shi ne 46 500. Duk wanda ya sami wannan ya saka kuɗin mota sau ɗaya ne, ya manta da kalmar "kowane". Gwajin tara da aka koya mana a lakwal ba ya kama irin wannan, don ninkawar daidai take, tunanin ne ya karkace. Abin da ke kama shi shi ne a sake bin wata hanya dabam, irin ta ƴan kasuwa: buhu 10 masu kyau kowane ya ba da 4 500, ya zama 45 000, ruɓaɓɓu 2 kowane ya ci 7 500, ya zama 15 000. A cire, saura 30 000. Idan hanyoyin biyu suka saɓa, a koma ga labarin.

Wani tarko namu ne na gida. Yaro yana ƙirga da dala a kansa, takarda kuwa da sefa take magana. Jikka ɗaya da rabi dala 300 ce, sai ka ga ya rubuta 300 kusa da 15 000. Shi ya sa malamin ya nace a rubuta F bayan kowane kuɗi.

Kada dai iyaye su zaci awa guda tana gyara komi. Yaron da bai san ma'anar riba da faransanci ba, matakan ba za su fassara masa ita ba. Kuma washegari rabin aji sukan koma tara lambobi, sai in malam ya bar matakan a rubuce gefen allo ya ci gaba da neman su har makonni. Uban da ke son gwada ɗansa a daren nan, ya canza buhu 2 da suka ruɓe su zama 4, ya ce a ba shi labarin kafin a ɗauki alƙalami. Amsar jikka 6 ce.