Sukuk da Takardar Lamuni: Me Ke Hannunka In Biya Ya Gagara?

A watan Satumba na 2017 Ofishin Kula da Basussuka ya fitar da sukuk na farko na gwamnatin tarayya, na naira biliyan 100, domin aikin hanyoyi 25 a shiyyoyi shida na ƙasar nan. Wa'adinsa shekara bakwai ne, kuɗin hayarsa kuma kashi 16.47 cikin ɗari a shekara. Wanda ya zuba naira 100,000 ya riƙa karɓar naira 8,235 duk bayan wata shida, a ƙarshen wa'adi a 2024 aka mayar masa da uwar kuɗinsa. Masu shakka suka ce ai kuɗin ruwa ne aka naɗa wa rawani, tun da takardar lamuni ta gwamnati ma haka take biya. Ban yarda da su gaba ɗaya ba, amma ban ga dalilin yi musu dariya ba.

Takardar lamuni bashi ce zalla. Ka ba gwamnati kuɗi, ta ɗauki alkawarin mayar da su tare da ƙari, ko hanya ta gina da su, ko albashi ta biya. Ƙarin nan farashin lokaci ne, shi ne kuma ribar da shari'a ta haramta. A sukuk na ijara kuwa, wani kamfani na musamman ake kafawa ya tattara kuɗin jama'a, ya riƙe kadarar a madadinsu, ya ba gwamnati hayarta. Abin da kake karɓa haya ce ta kasonka. Saboda haka dole a ambaci kadarar tun farko, kuma ba a karkatar da kuɗin zuwa wani aiki. A ƙa'idar ijara, in abin da aka ba da haya ya halaka gaba ɗaya, haya ta tsaya, alhali kuɗin ruwa bai san rushewar gada ba.

Sai dai sukuk iri biyu ne, kuma a nan ne nake so mai karatu ya tsaya. Akwai wanda kadara ke tsaya masa da gaske: an sayar da ita sayarwa ta haƙiƙa, ta fita daga littafin mai ita, abin da take samarwa shi ake rabawa. Akwai kuma wanda aka jingina shi da kadara kawai domin yarjejeniya ta inganta, amma mai fitar da shi ya yi alkawarin sake sayen ta a ƙarshen wa'adi a kan farashinta na farko. A iri na biyu, in biya ya gagara, ba ka da ikon sayar da komai. Layin masu bin bashi za ka shiga.

Namu na tarayya na biyun ne. Babu mai riƙe da sukuk da zai kafa shinge a kan titin gwamnati ya karɓi kuɗin wucewa, balle ya sa shi a kasuwa. Daga baitulmali ake biyan hayar, kuma a cikin jimillar bashin ƙasa ake lissafa shi. Shi ya sa kuɗin hayarsa ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da kuɗin ruwan takardun lamuni: haɗarin da kasuwa ke aunawa ɗaya ne, wato ko gwamnati za ta iya biya.

Malamai ma sun lura da wannan. A 2007 Shaikh Muhammad Taƙi Usmani na Pakistan ya soki yawancin sukuk na lokacin saboda alkawarin mayar da uwar kuɗi. A 2008 hukumar tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci da ke Baharain ta hana wannan alkawari a sukuk na musharaka da mudaraba, domin abokin tarayya ba ya lamunce wa ɗan'uwansa jari. Amma ta bar ƙofa ga ijara: ɗan haya na iya alkawarin sayen kadarar a farashinta na farko. Ta wannan ƙofar sukuk na gwamnatoci da yawa suke wucewa.

Iri na farkon ba shi da yawa, amma an gwada shi. Wani kamfanin haƙar iskar gas a tekun jihar Luwiziyana ta Amurka ya fitar da sukuk a 2006, ya karye a 2008, sannan ya nemi kotu ta ɗauki cinikin a matsayin bashi. Bai yi nasara ba, kadarar ta ƙare a hannun masu sukuk.

Mai niyyar saye, ya nemi sashe biyu a takardar tayin: alkawarin sake sayen kadara, da abin da amintaccen masu zuba jari zai iya yi ranar da aka kasa biya. In an rubuta cewa iyakarsa ya nemi mai fitar da sukuk ya cika alkawarin saye, to da amincin wannan mai fitarwa ka dogara, ba da kwalta ba.