Ciniki ɗaya, rubutu biyu: laifin mai manhaja ne

'Yan uwana ɗalibai, musamman masu rubuta manhajar ciniki a matsayin aikin kammala karatu, ina da magana da ku. Duk manhajar da ta ninka ciniki bayan netwok ya dawo, a ganina ba ta ci maki ba, komai kyan fuskarta.

A ce mai shagon taki a Hunkuyi ya sayar da buhu 4 a kan naira 160,000, lokacin babu netwok. Waya ta ajiye cinikin a cikinta. Can da yamma netwok ya leƙo, ta tura wa saba, saba ta karɓa ta ba shi lamba 51. Amsar "na karɓa" tana hanya sai netwok ya sake ɗaukewa. Ita waya ba ta san ya shiga ba, don haka ta ƙara turawa, saba kuma ta ba shi lamba 52. Yanzu littafi ya ce buhu 8 sun fita, kuɗi 320,000, amma rabinsu ne a aljihun tebur. Wa za a tuhuma? Yaron shago mana.

Sake turawar ba laifi ba ce, dole waya ta yi haka. Laifin shi ne barin saba ta raɗa wa ciniki suna. Kamata ya yi waya ta ba shi lambarsa tun lokacin da aka danna ajiyewa, irin lambar nan UUID, ta riƙe ta ko sau goma za ta tura. A PostgreSQL, idan an hana `id` maimaituwa, wannan ya isa:

```sql
INSERT INTO ciniki (id, kudi) VALUES ($1, $2)
ON CONFLICT (id) DO NOTHING;
```

Sai saba ta amsa cewa ya shiga, ko da ta riga ta gan shi, don waya ta huta. ODK, da masu tattara bayanai ke amfani da ita a karkara, tana maƙala wa kowane fom `instanceID` saboda wannan.

Wani zai ce a goge duk cinikin da ya yi kama da ɗan uwansa. Kul! A kasuwar Maƙarfi mutum biyu sukan sayi damin rake kuɗi ɗaya, ɗaya na bin ɗaya. Abin dubawa shi ne lokacin da waya ta rubuta cinikin: in ya zo daidai har daƙiƙa, daga waya ɗaya, lokacin isa saba ne kawai ya bambanta, to akwai alamar ninki. Amma fa lambar ba ta maganin maigida da yaronsa su rubuta ciniki ɗaya a wayoyi biyu.

Roƙona ga malamai masu duba aikinmu: ranar kare aiki, a kashe data daidai lokacin da manhaja ke turawa, a kunna, a maimaita sau biyar, sannan a ƙirga abin da ya shiga.