Take a Sakamakon Bincike: Faɗi Ake Aunawa, Ba Haruffa Ba

Masu shafukan intanet da dama sun riƙe cewa taken da ke cikin `<title>` kada ya wuce haruffa 60. Ƙa'idar tana da amfani, amma kiyasi ce kawai. Google faɗin rubutu yake dubawa, kimanin fiksel 600 a allon kwamfuta, kuma abin da ya haura sai ya datse shi da ɗigo uku. Harafin m ya fi i cin wuri, manyan baƙaƙe kuma sun fi ƙanana, don haka take biyu masu haruffa daidai na iya samun makoma dabam.

Saboda haka jerin kalmomi ya fi ƙidaya muhimmanci. "Barka da zuwa shafinmu: cikakken bayani kan yadda ake noman albasa da rani a Sakkwato" haruffa 85 ne har da tazara. Yankan zai faɗo wajen "noman", albasa da Sakkwato su ɓace, alhali su manomi ya zo nema. "Noman albasa da rani a Sakkwato: iri, ban ruwa da girbi" kuwa 55 ne, kuma ko an datse wutsiyarsa, maganar ta riga ta isa. Gaisuwa da sunan shafi su ne ya kamata su koma ƙarshe, inda asararsu ba ta da ciwo.