Ba Laifin Sabis Ba Ne

Masu gina shafukan intanet sun saba ɗora wa sabis laifin jinkiri, alhali sau da yawa sakacinsu ne. Ɗan kasuwa a Godomey ya buɗe shafi a wayarsa, allo ya tsaya fari fat, domin an jibge `<script>` cikin `<head>` babu `defer`, burauza kuwa ba ta ci gaba sai ta sauke shi ta aiwatar. Rubutu na fitowa ya kai yatsa, sai hoto marar `width` da `height` ya faɗo, ya ture maɓallin ƙasa, yatsa ya sauka kan talla. Wannan zamewa ita CLS ke aunawa, kuma mizanin Google na 2020 bai amince ta haura 0.1 ba. Gwajin Lighthouse a yanayin waya zai tona duka laifukan biyu.